Lodi ko Kaɗan-kaɗan: Yaushe Kiriyatin Yake Cika Tsoka?

Duk wanda ya sayi gwangwanin kiriyatin domin ɗaga ƙarfe ko tsere ko dambe, zai tarar da shawara iri biyu a wurin motsa jiki. Wasu za su ce sai ya fara da lodi, wato ya sha mai yawa har kusan mako guda, sannan ya rage. Wasu kuma za su ce ɗan kaɗan kullum ya isa. Gaskiyar magana ita ce hanyoyin biyu wuri ɗaya suke kai mutum. Bambancinsu yana cikin sauri, da kuɗin da za a kashe, da irin wahalar da ciki zai sha.

Kiriyatin ba baƙon abu ba ne a jiki. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 120, kuma kusan kashi 95 cikin 100 nasa a tsoka yake. Aikinsa shi ne mayar wa tsoka da ƙarfi cikin gaggawa a daƙiƙun farko na aiki mai tsanani, kamar ɗaga nauyi ko gudun mita 100. Kullum jiki yana zubar da kimanin giram 2 ta fitsari, ya kuma mayar da shi ta hanya biyu: ƙoda da hanta suna haɗa kusan rabi, sauran yana zuwa daga nama da kifi. Da abincin yau da kullum, tsokar yawancin mutane ba ta cika maƙil ba, akwai sauran gurbi. Wannan gurbin ake son cikewa da garin da ake sayarwa.

Binciken da ya raba gardama shi ne na Eric Hultman, likita ɗan ƙasar Suwidin, da abokan aikinsa, wanda aka buga a 1996. Sun yi aiki da maza 31, suna ciro ɗan tsinken tsoka daga cinya da allura suna aunawa kai tsaye. Waɗanda suka sha giram 20 kullum na kwana 6, kiriyatin ɗin tsokarsu ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100. Waɗanda suka sha giram 3 kawai a rana, su ma sun kai wannan matsayin, amma sai da suka yi kwana 28. Bayan lodi, giram 2 a rana ya isa ya riƙe tsokar a cike, waɗanda kuma suka daina sha baki ɗaya sun koma kusa da inda suka faro cikin kwana 30.

Me ya sa mai shan giram 20 bai wuce mai shan giram 3 ba a ƙarshe? Saboda tsoka tana da iyaka. Kamar randa ce: ko da bokiti aka cika ta ko da moɗa, in ta kai baki ta kai, abin da aka ƙara ƙasa zai sha. Binciken da Roger Harris da Hultman suka buga a 1992 ya nuna cewa tsoka ta fi zuƙar kiriyatin a kwana biyun farko na lodi, daga nan sai mafi yawan abin da ake sha ya riƙa fita ta fitsari. Shi ya sa ba a wuce kwana 5 zuwa 7 ana lodi. Wanda ya zarce da giram 20 har wata guda, kuɗinsa kawai yake zubarwa.

Mu ɗauki misalin matasa biyu, kowanne kilo 70, kowanne da gwangwani mai giram 300. Na farko ya zaɓi lodi. Ƙa'idar ita ce giram 0.3 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato giram 21 a wurinsa, sai a ce 20. Zai raba shi kashi huɗu, giram 5 da karin kumallo, 5 da abincin rana, 5 da la'asar, 5 da abincin dare. A kwana 6 ya sha giram 120, amma abin da ya zauna a tsokarsa ashirin da 'yan kai ne. Daga rana ta bakwai ya koma giram 3, ragowar giram 180 zai kai shi kwana 60, gwangwaninsa ya ƙare a kwana 66. Na biyu yana shan giram 3 sau ɗaya tun daga farko. A ƙarshen makon farko yana baya sosai, amma a rana ta 28 ya kamo abokinsa da giram 84 kacal, gwangwaninsa kuma zai yi kwana 100. Abin da na farko ya saya da ƙarin kuɗinsa shi ne mako uku na riga-kai, ba ƙarin ƙarfi na dindindin ba.

Lodi yana zuwa da nasa matsaloli. Kiriyatin yana jan ruwa zuwa cikin tsoka, don haka mai lodi yakan ga sikeli ya ƙaru da kilo 1 zuwa 2 cikin mako guda. Ruwa ne, ba kitse ba, ba kuma sabon nama ba, amma ga ɗan wasan da ake auna nauyinsa kafin gasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsala ta biyu ta ciki ce. Wanda ya kurɓe giram 10 ko 20 a zama ɗaya yakan gamu da kumburin ciki da murɗa da zawo, domin abin da hanji bai tsotse ba yana jawo ruwa. Maganinta kada a wuce giram 5 a lokaci guda, a dama shi sosai a kofin ruwa, a sha tare da abinci. Abinci mai sitaci irin tuwo ko shinkafa yana ɗaga insulin, wanda ke taimaka wa tsoka ta ja kiriyatin. Mai azumi kuwa, da wuya ya samu inda zai cusa kashi huɗu tsakanin buɗe-baki da sahur ba tare da ciki ya ɓaci ba, ƙaramin awo sau ɗaya bayan buɗe-baki ya fi masa sauƙi.

Ba kowa ne zai ga canji iri ɗaya ba. Wanda ba ya yawan cin nama da kifi yakan fara da tsoka mai gurbi da yawa, shi ya fi ganin bambanci. Wanda tsokarsa ta riga ta kusa cika, ƙarin da zai samu kaɗan ne ko da wace hanya ya bi, kuma ƙara awo ba zai buɗe masa sabon gurbi ba. Alamar da za a lura da ita ba wani jin ƙarfi nan take ba ne. Ɗan ƙarin nauyi ne a sikeli, da iya ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu a nauyin da aka saba. Kuma tunda tsoka sai ta yi makonni kafin ta sauke abin da ta tara, mantawa na rana ɗaya ba ya bukatar a sake lodi.

A ganina, ga mafi yawan masu motsa jiki, giram 3 zuwa 5 a rana ya wadatar, mai babban jiki ya ɗauki 5. Lodi na wanda gasa ta matso masa ne, saura mako ɗaya ko biyu. Mai ciwon ƙoda, ko mai hawan jini ko ciwon suga da ya daɗe, da mai juna biyu, da yaron da bai kai shekara 18 ba, kada su fara sai sun ga likita. In kuma za a yi maka gwajin ƙoda, ka faɗa wa likita kana shan kiriyatin, domin yana iya ɗaga kiriyatinin ɗin da ake aunawa a jini ko da ƙodarka lafiya lau take.