Allurar Wata Uku: Yadda Ake Gwada Hira da Mai Tsoronta

A wajen horar da ma'aikatan lafiya na unguwa, akan raba ɗalibai uku-uku: ɗaya ta zama ma'aikaciya, ɗaya ta zama matar da ta zo neman tazarar haihuwa, ta uku ta zauna gefe tana lura. Matar da aka fi kwaikwaya ita ce mai son allurar wata uku amma tana tsoron abin da zai biyo baya. Ga yadda hirar takan kasance:

"Malama, maƙwabciyata ta yi allurar nan, al'adarta ta ɗauke. An ce jinin taruwa yake yi a ciki."

"Gaskiya ne, Maman Yara, takan ɗauke wa mata da yawa, musamman idan an shekara ana yi. Amma ba taruwa yake ba. Allurar ce ke hana shimfiɗar mahaifa yin kauri, sai ya zama babu abin da zai zubo."

"To, in na daina zan haihu?"

"Za ki haihu da yardar Allah, sai dai da jinkiri. Yawanci akan kai kamar wata 10 daga allurar ƙarshe kafin ciki ya shiga, wasu har shekara. Yaushe kike son na gaba?"

Wannan tambaya ta ƙarshe mai lura take jira. Matar da ke son ciki nan da wata shida, allura ba tata ba ce, gara a nuna mata ƙwaya.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne cewa "ba ta da wata illa", don a kwantar wa matar da hankali. Wadda aka faɗa wa haka, ranar da ta ga ɗigon jini ba a lokacinsa ba, ba za ta dawo ba, kuma unguwa za ta ji labari. Rikicewar al'ada ita ce babban dalilin da ke sa mata barin allurar. Shi ya sa ake so ma'aikaciya ta riga ta faɗa: a watannin farko jini kan zo a warwatse, wasu kan ƙara kilo 1 zuwa 2 a shekara, wasu su yi ciwon kai. Akwai kuma abin da mata kan ji nauyin ambata, wato yadda ɗigon ke shafar salla da shimfiɗar aure. Ƙwararriya takan buɗe zancen da kanta, hukuncin kuwa ta bar wa malamai.

Mai lura tana kuma duba ko an auna hawan jini, domin idan ya kai 160/100 ba a yin allurar. Sannan ko an gaya wa matar ta dawo idan jini ya wuce kwana 8 ko ya ninka yadda ta saba, kuma an rubuta mata ranar allura ta gaba, bayan mako 13. Daga nan sai a sauya matsayi, wadda ta yi ma'aikaciya ta koma kujerar mai tsoro.