Yadda bugun fenareti ya zama alƙalin wasannin da suka tashi kunnen doki

A shekarar 2018, Kano Pillars ta zura wa Enugu Rangers ƙwallo uku a wasan ƙarshe na Kofin Aiteo a Asaba, amma Rangers ta farke duka, sannan ta ɗauki kofin a bugun fenareti da ci 4 da 2. Bayan shekara guda, ta wannan hanyar ce Pillars ta doke Niger Tornadoes 4 da 3 a Kaduna.

A da ba haka ake raba gardama ba. Idan aka tashi kunnen doki, akan ƙara minti 30, in abin ya faskara a sake wasan wata rana, kamar yadda Bendel Insurance da Mighty Jets ta Jos suka yi a 1972. Inda babu sararin sake wasa kuwa, ƙuri'a ake jefawa. A gasar Turai ta 1968, da jefa kwabo Italiya ta fitar da Tarayyar Sobiyet bayan minti 120 babu ci, hukuncin da ba ruwansa da gwaninta.

A 1970 hukumar tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya, IFAB, ta amince da bugun fenareti. Kowace ƙungiya na bugawa sau biyar daga tazarar mita 11, kuma 'yan wasan da ke fili lokacin tashi kaɗai ke da damar bugawa. Idan aka sake yin daidai, sai a ci gaba ɗaya bayan ɗaya har wata ta ci, ɗayar ta ɓarar.