Hedifon Mai Kashe Hayaniya: Dalilan Lalacewarsa da Matakan Gyara

Hedifon mai kashe hayaniya ba toshe kunne kawai yake yi ba. A jikin kowane ɓangarensa akwai ƙananan makirufo da ke sauraron ƙarar da ke kewaye da mutum, sannan wata 'yar na'ura a ciki ta ƙirƙiro kishiyar wannan ƙara ta tura wa lasifikar. Sauti dai motsin iska ne, turawa da janyewa. Idan ƙarar janareta ta turo iska, lasifikar sai ta janye daidai gwargwadon haka a daidai wannan lokaci, su biyun su kashe juna kafin su kai ga dodon kunne. Dabarar tsohuwa ce, domin tun a 1936 wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya samu shaidar mallakar fasaharta a Amurka, amma sai a shekara ta 2000 kamfanin Bose ya fito da samfurin QuietComfort wanda ya kai ta ga fasinjojin jirgin sama da sauran jama'a.

Galibin hedifon masu inganci na yanzu suna da makirufo iri biyu a kowane kunne. Na waje yana bayan wani ɗan rami ko raga a jikin murfin, shi ne ke jin hayaniya kafin ta shigo. Na ciki yana kusa da lasifika, yana jin abin da ya rage a cikin kunne domin a gyara kuskuren da na waje ya bari. Duk aikin ya rataya ne a kan waɗannan ramuka da wasunsu ba su wuce kan allura da yawa ba, da kuma yadda soson kunnen ya manne da fata. Kusan kowace matsala da ake kawowa wajen mai gyara tana komawa ga ɗaya daga cikin waɗannan biyun.

Kafin a yanke hukuncin cewa na'ura ta lalace, ya kamata a san iyakarta. Tana da ƙarfi ne a kan ƙara mai kauri wadda ba ta sauyawa, irin ta injin mota, fanka, janareta ko jirgin sama, wato sautin da ke kaɗawa ƙasa da kusan sau 1000 a daƙiƙa. Muryar mutane, kukan yaro da hon ɗin babur suna sauyawa da sauri, don haka na'urar ba ta iya riskarsu sosai, sai ɗan abin da soson ya tare. Haka kuma wata siririyar ƙara mai kama da shuuu da ake ji a ɗaki shiru ba lallai ba ne ta zama lahani. Kowane makirufo da kayan lantarkin da ke bayansa suna da 'yar ƙarar kansu, kuma idan an kashe hayaniyar waje sai ta fito fili. Alamar lafiyayyiyar ita ce tana daidai a kunne biyu, ba ta hawa ba ta sauka, kuma tana ɓacewa da zarar an kunna karatu ko waƙa. Wadda ke nuna matsala ita ce ta kunne ɗaya, ko wadda ta ƙaru kwanan nan, ko mai tartsatsi idan an motsa kai, ko mai fito da tsini.

A ɗauki misalin Sony WH-1000XM4, samfurin da ya fito a 2020, wanda aka yi amfani da shi tsawon hunturu guda a garin da ƙura ke tashi, yanzu ga shi ƙarar janareta tana shigowa ta kunnen dama, ana kuma jin shuuu mai ƙarfi a wannan ɓangaren. Matakin farko shi ne tabbatar da cewa kashe hayaniyar yana kunne. Maɓallin CUSTOM da ke kunnen hagu yana sauya yanayi tsakanin kashe hayaniya da shigo da sautin waje, kuma sau da yawa hannu kan taɓa shi ba a sani ba. A manhajar wayar ta Sony akwai Adaptive Sound Control, wanda ke buɗe sautin waje da kansa idan ya ga mutum yana tafiya, da Speak-to-Chat, wanda ke yin haka da zarar mai hedifon ya yi magana, wani lokaci ma ko tari ya yi. A kashe su duka biyun kafin gwaji. Yanayin shigo da sautin waje yana da shuuu fiye da na kashe hayaniya, domin a lokacin ƙara ƙarfin abin da makirufo ya ji ake yi.

Mataki na biyu shi ne gwajin manni. A tsaya kusa da fanka ko inji, a danna ɓangarorin biyu a hankali zuwa kai. Idan ƙarar ta ragu sosai, to iska ce ke shiga ta gefe. Soson da ya tsufa yakan lotse ko fatarsa ta tsattsage, musamman inda ake zufa. Ƙafar tabarau, gefen hula, ɗankwali ko hijabi mai kauri a ƙarƙashin soson duk suna buɗe kafa. Wannan yana da sauƙin magani, domin soson ana cire shi a sa sabo. Abin lura kawai shi ne soson da ba na asali ba, idan kaurinsa ko irin fatarsa ya bambanta, yana iya rage ƙarfin kashe hayaniyar, saboda an auna na'urar ne da girman sararin da ke tsakanin lasifika da kunne.

Idan danna ɓangarorin bai sauya komai ba, sai a juya ga makirufo. Akwai gwaji mai sauƙi: a koma yanayin shigo da sautin waje, a murza yatsu biyu kusa da ramin makirufo na hagu, sannan na dama. Ya kamata a ji murzar da ƙarfi ɗaya. Idan ta dama ta zo a dushe, ramin ya toshe ko makirufon ya raunana. Ƙurar hunturu ita kaɗai ba ta cika toshe raga ba, sai ta haɗu da man gashi, man shafawa da zufa ta zama danƙo. Makirufon da ke bayan irin wannan danƙo yana jin hayaniya a raunane kuma a gurɓace, don haka kishiyar da na'urar ke ƙirƙirowa ba ta dace da ƙarar gaskiya ba, sai kashewar ta yi rauni ko ma a samu ƙarin wata ƙara.

Makirufon ciki kuwa matsalarsa ta fi tsanani. Da yake yana zaune gaban lasifika, idan danshi ko datti ya sauya yadda yake ji, yakan kama sautin lasifikar ya mayar mata, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi, har abin ya zama kuwwa mai tsini, irin wadda lasifikar masallaci ke yi idan ladan ya matso da makirufo kusa da ita. Kuwwar da ke zuwa bayan motsa jiki ko doguwar tafiya cikin zafin bazara, ta kuma ɗauke bayan hedifon ya sha iska, kusan kullum danshi ne sanadinta.

Wajen tsaftacewa ake yin ɓarnar da ta fi ta asali, don haka nan ne ake bukatar haƙuri. A kashe hedifon, a juya ramin ya kalli ƙasa domin dattin ya faɗo waje, a share shi a hankali da busasshen buroshin haƙori mai laushi, sannan a goge gefensa da busasshiyar audugar kunne. Kada a zura allura ko tsinke, domin bayan ragar akwai wata fata siririya ƙwarai wadda ke hudewa nan take. Kada a hura da baki, numfashi danshi ne. Iskar famfo mai ƙarfi ita ma tana iya yaga wannan fata, ruwa ko sifirit kuwa idan ya gangara ciki yana tura danƙon ne zuwa inda hannu ba ya kaiwa. Idan danshi ake zargi, a bar hedifon a buɗe a inuwa inda iska ke kaɗawa na kwana ɗaya ko biyu. Rana da na'urar busar da gashi suna lalata batir da gam ɗin da ke riƙe sassan.

Sake saiti yana zuwa ne bayan waɗannan, kuma iri biyu ne da mutane kan gauraya. Na farko farfaɗowa ce kawai, ba ta goge komai. A WH-1000XM4 ana jona wayar caji, sannan a danna maɓallin kunnawa da na CUSTOM tare, sai na'urar ta sake tashi, wayoyin da ta sani suna nan. Na biyu yana mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Ana cire wayar caji, a kashe hedifon, a riƙe maɓallan nan biyu tare na daƙiƙa 7 ko fiye, har shuɗiyar fitila ta ƙifta sau 4. Wannan yana goge duk haɗin Bluetooth, don haka dole a shiga saitin waya a cire sunan hedifon daga jerin, sannan a haɗa su sabo. Wanda ya tsallake wannan yakan ga waya ta ƙi haɗuwa, ya zaci ya ƙara lalata abin. Bayan haka a sa hedifon yadda aka saba sawa, a riƙe CUSTOM na kusan daƙiƙa 2, na'urar za ta fitar da wasu sautukan gwaji ta auna kanta da siffar kan mai ita. Ana maimaita wannan awo duk lokacin da aka sauya soso.

Ƙananan iyafis na cikin kunne suna bin wannan tsari, sai dai abokin gabarsu dauɗar kunne ce. A AirPods Pro ana goge ragar da busasshiyar auduga, a gwada mannin robar da Ear Tip Fit Test a saitin waya. Sake saitin masu maɓalli a bayan akwati kuwa shi ne a sa su cikin akwatinsu a rufe na daƙiƙa 30, a buɗe, a zaɓi Forget This Device a waya, sannan a riƙe maɓallin bayan akwatin kusan daƙiƙa 15 har fitila ta yi ruwan goro ta koma fara.

Sake saiti yana gyara ruɗewar manhaja ne kawai, ba ya buɗe ramin da ya toshe, ba ya ɗinke makirufon da ya yage. Idan an tsaftace, an busar, an sake saiti, amma gwajin murza yatsu har yanzu yana nuna bambanci, ko tartsatsin yana zuwa duk lokacin da aka lanƙwasa mahaɗin hedifon, to makirufon ya mutu ko siririyar wayar da ta ratsa mahaɗin ta fara tsinkewa. Wani lokaci lahanin daga masana'anta ne: Apple ya amince cewa wasu AirPods Pro da aka ƙera kafin Oktoba 2020 suna tartsatsi ko rasa ƙarfin kashe hayaniya, ya kuma musanya su kyauta. Mai garanti ya mayar wa dillali kafin kowa ya kwance, domin buɗewa kan soke garantin. Wanda nasa ya ƙare yana iya kai wa mai gyaran da ya saba da ƙananan kayan lantarki a sauya makirufon, ko ya kashe aikin kashe hayaniyar baki ɗaya, domin a mafi yawan lokuta kuwwar tana tsayawa da zarar an kashe shi, sauti kuma ya ci gaba da fita lafiya.