Ƙararrawar ƙofa ta yi shiru: batir ne, madanni ne, ko waya?

Baƙo ya tsaya a bakin get yana ta dannawa, mutanen gida suna ciki ba su ji komai ba, ko kuma sun ji wani ɗan gunji kamar na ƙudan zuma a cikin kwalba. Da yawa daga nan sai su nufi kasuwa neman sabuwa, alhali sau tari ƙararrawar lafiyarta ƙalau.

Ƙararrawa mai waya zagaye ɗaya ce ta lantarki. Wuta na tasowa daga batir, ta bi waya zuwa madannin da ke bakin ƙofa, ta dawo ta wata wayar ta shiga naɗin tagullar da ke cikin akwatin. Naɗin ya zama maganaɗisu, ya fizgi ɗan ƙarfen da ke bugawa. Shiru ƙus yana nufin zagayen ya yanke a wani wuri. Gunji mai rauni kuwa yana nufin wutar na isowa, ƙarfinta ne bai kai ya fizgi ƙarfen ba.

Kafin a taɓa komai, sai an san daga ina wutar take zuwa. Akwai ƙararrawa mai batir, akwai mai ƙaramin tiransifoma, akwai kuma wadda aka jona kai tsaye da wutar gida, kuma irin ta ƙarshen nan tana da yawa a gidajen Najeriya. A wannan, bolt 230 ne ke bi ta cikin madannin, don haka aikin na mai gyaran wuta ne. Gwaje-gwajen da ke tafe na mai batir ne.

A ɗauki gida mai ƙararrawar batir huɗu, kowanne bolt 1.5, jimilla 6. Ana sa na'urar awo a kan baturan sau biyu: kafin a danna, da kuma lokacin da wani yake dannawa. Awo na biyun ne ke faɗin gaskiya, domin batirin da ya gaji yakan nuna kusan cikakken ƙarfi idan ba a ɗora masa aiki ba. Idan na'urar ta nuna 5.8, sannan ta zube zuwa 3 da aka danna, baturan sun ƙare. A canza su duka huɗun a lokaci guda, kuma a goge sifirin ɗin da suke zama a kai, musamman idan tsohon batir ya yi yoyo ya bar farin gari.

Idan baturan na da ƙarfi, sai a koma bakin get da sukundireba. A kwance madannin, a cire wayoyinsa biyu, a haɗa bakunansu. In ƙararrawar ta buga da ƙarfi, laifin madanni ne. Shi ne kaɗai ɓangaren da ke kwana a waje: ƙurar hunturu na shiga tsakanin ƙarafunsa biyu, ruwan damina kuma na bar musu kore-koren tsatsa. Ɗan gogawa da lallausar samfefa yakan wadatar, in kuma sifirin ɗinsa ya mutu sai a sa sabo. Madanni mai 'yar fitila bai dace da ƙararrawar batir ba, domin fitilar na shan wuta dare da rana.

In an haɗa wayoyin amma ba a ji komai ba, sai a koma wurin akwatin da guntuwar waya, a haɗa sukurori biyun da wayoyin madanni ke shiga. Idan ta buga a nan, matsalar na cikin doguwar wayar. Wuraren da aka fi samun ta su ne inda get ke lanƙwasa wayar kullum, inda ɓera ya ci cikin silin, da inda aka murɗa mahaɗi aka naɗe da salatif har ya yi tsatsa.

Tsawon wayar ma kansa na rage ƙarfi. Siririyar wayar tagulla mai kaurin milimita 0.6, idan get yana nisan mita 30, tafiyar mita 60 ke nan zuwa da dawowa. Ƙararrawar da ke jan rabin amfiya za ta rasa kusan bolt 2 a hanya, saura 4 cikin 6. Da sababbin batura takan buga, amma suna ɗan yin sanyi sai gunjin ya dawo. Maganin wannan waya ce mai kauri.

Idan a wurin akwatin ma gunjin kawai aka ji, kuma baturan sababbi ne, sai a buɗe murfin a tura ƙarfen da ke bugawa da yatsa. Ƙura ko gidan zanzaro kan riƙe shi. A share da busasshen burushi, kada a ɗiga masa mai, domin mai na kama ƙura ya zama danƙo. In ƙarfen na motsi sumul amma naɗin tagullar ya yi baƙi yana warin ƙuna, to a nan ne sayen sabon akwati ya zama dole, kuma a tabbatar madannin ba ya maƙalewa a danne, tun da yawanci abin da ke ƙona naɗin ke nan.