Takardar Kuɗin Makaranta: Inda Kalma Ɗaya Ke Zama Asara

Farkon kowane zango yara kan dawo gida da takardar kuɗin makaranta a jaka, galibi da Turanci. Makarantun da suka damu da iyaye sukan sa a juya ta zuwa Hausa, kuma wanda aka ɗora wa wannan aiki ya sani cewa aljihun mutane yake taɓawa.

A ce takardar ta nemi ₦45,000, a biya daga nan zuwa Juma'a 10 ga Oktoba, wanda ya makara a ƙara masa kashi goma cikin ɗari na abin da ya rage. Mai gaggawa zai rubuta "a biya kafin Juma'a". Ya zaftare wa iyaye yini guda ke nan, domin "kafin" ta fitar da Juma'ar. Abin da ya dace shi ne "Juma'a 10 ga Oktoba ce ranar ƙarshe, har da ita". In kuwa wa'adin yana cika ne da sha biyun dare, a guji "daren Juma'a": a wurin Bahaushe daren Alhamis wayewar Juma'a ke nan. Gara a ce "Juma'a da ƙarfe sha biyun dare, wayewar Asabar".

Wajen tara aka fi yin ɓarna. Uban da ya riga ya biya ₦30,000, saura ₦15,000 a kansa, don haka tararsa ₦1,500 ce. Da zarar mai fassara ya jefar da "na abin da ya rage", uban zai lissafa a kan kuɗin duka ya ga ₦4,500, ya je ofis ransa a ɓace. Ita kanta kalmar tana da tarko, don a rubuce ba ta da bambanci da lambar tara. "Naira dubu tara" 9,000 ce, ko dubu ɗaya ta hukunci? Shi ya sa nake rubuta "tarar makara" sannan adadi, da lamba da kuma kalmomi. Kalmomi kaɗai ba sa isa: "dubu ɗari da hamsin" na iya zama 150,000 ko 100,050. A Maraɗi ko Damagaram ma abin ya fi haka, tunda da dala ake ƙirga sefa. "Ɗari" a bakin mutane sefa 500 ce.

Sai hukuncin yaro. In makaranta na nufin ya zauna gida har a biya, kada a rubuta "za a kore shi". Uwa za ta ɗauka an sallami ɗanta ke nan. Haka kuma in an ce makaranta "tana iya" hana shi jarrabawa, ba daidai ba ne a mayar da ita "za ta".

Kafin a buga, a karanta wa wani uba fassarar, a tambaye shi: "Malam, nawa za ka biya, yaushe, in ka makara kuma nawa?" In amsarsa ta saɓa da ta akawun makaranta, a koma kan takarda.