Wasiƙa Ɗaya, Ma'aikatu Goma: Yadda Za a Kauce wa Kuskuren Suna

Mai neman aiki ba zai iya rubuta sabuwar wasiƙa daga tushe duk ranar da ya ga sanarwa ba. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su buɗe wasiƙar da suka aika jiya, su goge sunan kamfanin, su sa na yau. A nan ne matsalar take farawa, domin sunan jiya yakan maƙale a wani lungu, kuma jami'in ɗaukar ma'aikata da ya ga sunan wani kamfani a takardar da aka aiko masa zai ɗauka cewa haka mutumin zai riƙa yi wa aikin ofis.

Maganin shi ne a ajiye uwar wasiƙa guda wadda ba ta ɗauke da sunan kowace ma'aikata, ba kuma a taɓa aika ta ga kowa ba. Duk inda bayani zai canza, sai a sa alama mai sauƙin ganewa da ta fara da haruffa iri ɗaya:

```
XXRANA
XXKAMFANI
XXADIRESHI
XXMUKAMI
XXSANARWA
```

Idan sanarwa ta fito, a yi kwafin uwar da Save As, a ba kwafin sabon suna tun kafin a taɓa ko harafi ɗaya, sannan a cike guraben. Da an gama, a danna Ctrl+F a Word a nemi XX. In injin bai samo komai ba, babu gurbin da aka manta. Wanda ya yi aiki daga wasiƙar jiya ba shi da wannan gwaji, domin tsohon suna bai yi kama da kuskure ba, ido zai bi ta kansa ya wuce.

A ɗauki misalin wata da ta karanta akanta, ta gama bautar ƙasa, tana neman aiki a banki da makarantar kuɗi da wata ƙungiyar agaji. A ce ta fara da wasiƙar banki, sai ta yi amfani da Ctrl+H ta maye sunan bankin da na makarantar. Wannan umarni yana canza abin da aka rubuta masa ne kawai, harafi da harafi. Idan a adireshi ta rubuta First City Monument Bank, a sakin layi na uku kuma ta taƙaita shi zuwa FCMB, taƙaitaccen zai zauna daram. Ko da sunan ya fita gaba ɗaya, ragowarsa na nan: jimlar da ke cewa tana sha'awar hidimta wa masu ajiya, da muƙamin da ke kan wasiƙar, da gaisuwar da aka yi wa manajan reshe alhali shugabar makaranta ce za ta karanta.

Shi ya sa sakin layi na tsakiya, inda ake faɗin dalilin da ya sa mutum ya dace da aikin, ba a cike shi da sauya suna. A bar shi babu komai a uwar wasiƙar, a rubuta shi sabo da sanarwar a gaba. Ga makaranta, sai ta kawo yadda ta riƙe lissafin kuɗin makaranta da albashin malamai a inda ta yi bautar ƙasa, in har ta yi. Ga ƙungiyar agaji kuwa, rahoton kashe kuɗi da adana rasidai ne za su yi mata amfani. Sunan ma'aikata da na muƙami kuma a kwafo su daga sanarwar kanta, kada a dogara da ƙwaƙwalwa, domin sunaye na kama da juna: First Bank daban, FCMB daban.

Akwai wuraren da ke wajen jikin wasiƙar, kuma su ne aka fi mantawa. Sunan fayil ne abin da jami'i ke fara gani, kafin ma ya buɗe. Sai kan saƙon imel, da adireshin da za a aika, da rubutun da ke can saman shafi ko ƙasansa. Wanda ke zuwa shagon buga takardu ya ƙara lura, domin mai bugawa yakan ɗora sabon aiki a kan wasiƙar wani, har lambar wayar wancan ta saura a ciki. A karanta a kan allo kafin a buga.

Bayan an mai da wasiƙar PDF, a buɗe ainihin fayil ɗin da aka liƙa a saƙon, a karanta shi a bayyane daga ranar wata har sa hannu, da sanarwar a gefe. A kuma riƙe ɗan littafi da ke nuna wace wasiƙa aka aika wa wa, da yaushe, saboda ranar da aka kira mutum ganawa ya san abin da ya faɗa musu. In kuwa an gano kuskure bayan an aika, a tura gyararriyar nan take tare da gajeren uzuri na layi ɗaya, tun wa'adin karɓar takardu bai cika ba.