Danshin Masara da Hukuncin Buhun da Aka Mayar

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar siton ƙungiyar gama kai a watan Oktoba, a yankunan masara irin su Saminaka, Giwa ko Funtuwa, ya san rigimar da ta fi kowace yawa. Manomi ya kawo kayansa ya biya kuɗin mota, an sauke, an caka wa buhu ƙarfe, an zuba 'yan ƙwayoyi a na'ura, sai ma'auni ya ce masa, "Malam, masararka ba ta bushe ba." Shi kuwa manomin ya ɗauki ƙwaya ya ciza, ta yi ƙara, ya ce cutarsa ake son yi. Sau da yawa babu macuci a tsakaninsu. Abin da ya ɓace shi ne bayani tun kafin kaka: wace irin masara ƙungiya za ta saya, yadda za ta auna ta, da abin da zai biyo baya idan ta faɗi gwaji.

Me ya sa ake dagewa kan kashi 13?

Ƙwayar masara abu ce mai rai, tana numfashi ko a cikin buhu. Lokacin da aka karya ta a gona, ruwan da ke jikinta yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta, musamman idan an girbe ta damina ba ta ɗauke ba. Idan aka ɗinke ta a haka, numfashin nan yana fitar da zafi da gumi, zafin kuma yana kiran fumfuna da ƙwari. Sai danshinta ya sauko zuwa kashi 13 ko 14 sannan za a iya ajiye ta watanni cikin kwanciyar hankali. Shi ya sa yawancin masu saye da yawa, kamar masana'antun abincin kaji da na niƙan gari, suke tsayar da iyakarsu a nan.

Ita ƙungiya ba don ta ci take saye ba. Tana tara kayan mambobinta ne har su cika tirela, wato buhu 300 mai kilo 100, ta kai wa babban mai saye. Idan aka sami buhu goma masu laima a tsakiyar tarin, za su ɗauki zafi, laimar ta ratsa zuwa buhunan da ke maƙwabtaka da su. A ƙofar masana'anta kuwa ba a tambayar buhun wane ne. Motar gaba ɗaya ake mayarwa, ko a karya mata farashi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma asarar tana faɗawa har kan wanda ya wahala ya shanya tasa da kyau.

Yadda ake gwaji na gaskiya

Gwajin da za a amince da shi yana farawa daga ɗibar samfuri. Ba a ɗiba daga bakin buhu kawai. Ana amfani da ƙarfen nan mai rami a caka sama da tsakiya da gindin buhu, daga buhuna daban-daban, a haɗa wuri ɗaya a cakuɗa. Dalili kuwa sananne ne: wasu kan sa busasshiya a sama su ɓoye ɗanya a tsakiya. Wannan algus tsoho ne, domin ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya kuma tsawatar wa mai kayan a kan ɓoye ta.

Daga wannan samfuri ake auna danshi da na'ura, kuma ya kamata a auna sau uku a ɗauki matsakaici. Ita ma na'urar tana iya kuskure. Idan batirinta ya yi sanyi, ko an bar ta a kan ma'aunin shinkafa ko waken suya, lambar da za ta bayar ba daidai ba ce. Haka nan masarar da aka kwaso yanzu daga rana: bayanta ya bushe amma cikinta da sauran ruwa, sai na'ura ta nuna ƙasa da gaskiya, bayan kwana ɗaya a buhu lambar ta hau. Cizon haƙori ma irin wannan ruɗin yake yi, don bai iya raba kashi 13 da kashi 16.

Manomi yana da gwajin da zai yi a gida kafin ya kira mota. Ya sami kwalbar gilashi busasshiya, ya zuba masara kamar sulusinta, ya ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka busar sosai, ya rufe, ya girgiza na minti ɗaya, ya bar ta kamar kwata na awa ya sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, danshin ya haura kashi 15, shanya ba ta ƙare ba. Idan bai manne ba, ya kusa ko ya kai.

Bayan danshi sai daraja. Ana auna kilo ɗaya na samfurin, a tankaɗe da rariya, a tsince da hannu a ware gida-gida: ƙasa da tsakuwa da gutsuren totuwa gefe guda, fasassun ƙwayoyi gefe guda, waɗanda ƙwari suka huda, sai kuma ruɓaɓɓu da masu fumfuna. Kowane kaso a ɗora shi a ƙaramin sikeli. Giram goma cikin kilo shi ne kashi ɗaya cikin ɗari. Da wannan lissafi ake cewa kaya lamba ɗaya ne, ko lamba biyu, ko ba su shiga ba.

Mu bi wani manomi da buhu 20

A ce ƙungiya ta rubuta a allo cewa tana karɓar masara mai danshin da bai wuce kashi 13 ba, datti kuma kada ya wuce kashi ɗaya. Wani mamba ya kawo buhu 20, sikeli ya nuna kilo 2,000. Na'ura ta ba da 18, an kuma sami giram 25 na ƙasa da totuwa a kilo ɗaya, wato kashi biyu da rabi. Babu wari, babu fumfuna.

Wannan kaya ba lalatattu ba ne, aikinsu ne bai ƙare ba. Lissafinsa mai sauƙi ne. A kowane kilo 100 na masara mai danshi 18, kilo 82 ne tsantsar hatsi. Idan ta bushe zuwa 13, wannan kilo 82 shi ne zai zama kashi 87 cikin ɗari na nauyinta. A ninka 2,000 da 82, a raba da 87, za a sami kilo 1,885. Ke nan kilo 115, fiye da buhu guda, ruwa ne zalla. Idan aka sheƙe ta dattin ya sauko zuwa kashi ɗaya, wani kilo 30 ko kusa da haka zai sake fita.

Zaɓi biyu ne a gabansa. Ko ya baza ta a tamfol a filin ƙungiya, kaurin shimfiɗar kada ya wuce tsawon yatsa, yana juyawa a kai a kai, yana rufewa da yamma saboda raɓa, bayan 'yan kwanaki a sake gwadawa. Ko kuma ƙungiya ta karɓa a kan kilo 1,855, ta cire ladan shanya da shiƙa wanda aka riga aka sanar. Idan aka yi masa wannan lissafi a gabansa a takarda, zai ga cewa ba a ƙwace masa komai ba, rana ce za ta ɗauke abin da aka rage. Idan kuwa aka ce masa kawai "an cire maka buhu ɗaya da rabi", har abada zai riƙe cewa an zalunce shi.

Kayan da shanya ba ta gyarawa

Akwai kuma nau'i na biyu na kayan da ake mayarwa, kuma nan ne haɗarin yake. Masarar da aka jibge da laima, ko aka shanya ta a kan tsurar ƙasa, tana kama wata fumfuna mai launin kore-kore da rawaya, wadda ke fitar da gubar da ake kira afulatoksin. Gubar ba ta da ɗanɗano, dahuwa ba ta kashe ta, sake shanya masarar ma ba ya cire wadda ta riga ta shiga. Kaɗan daga cikinta ya isa: iyakar da Amurka ta sa wa abincin mutane ita ce kashi 20 cikin biliyan, kwatankwacin giram 20 a tan dubu. Yawan cin ta yana lalata hanta har ya kai ga ciwon daji. A shekarar 2004 a gabashin Kenya, mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta gurɓata da ita. Ido ba ya iya tabbatar da ita. Sai an niƙa samfuri an yi gwaji na musamman.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ina buhun da aka ƙi yake zuwa? Yawanci yakan koma gida ya zama tuwo da kunun yara, ko ya shiga kasuwar ƙauye da araha, ko a zuba wa kaji da shanu. Kaji na daina girma da yin ƙwai, wasu su mutu, saniya kuma tana fitar da gubar a cikin nononta. Ƙungiyar da ta ce "kwashe kayanka" ta juya baya ta kare sitonta ne kawai, ta bar gubar ta koma cikin iyalin mambanta.

Abin da ya dace shi ne a ware irin waɗannan buhuna nesa da sauran, a yi musu alama, a gaya wa mai su dalili ƙarara. Idan ɓarnar kaɗan ce, a tsince ruɓaɓɓu da fasassu da masu sauyin launi, domin a cikinsu gubar ta fi taruwa, sannan a sake gwada sauran. Abin da aka tsince, da duk kayan da suka sake faɗuwa, a ƙone ko a binne. Sannan a taimaka masa don baɗi: ya girbe da zarar ta nuna, ya shanya a tamfol, ya kuma nemi Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa kilo goma a hekta mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure.

Haƙƙin manomi a kan ƙungiya

Tun ran gini, ran zane. Ƙa'idar saye a taron watan Agusta ake karanta ta, da Hausa, a liƙa ta a ƙofar sito, a kuma ajiye kwano uku da samfurin lamba ɗaya da lamba biyu da wadda ba a karɓa, kowa ya gani ya taɓa. Ranar awo a yi gwaji a gaban mai kaya, ya karanta lambar da idonsa. A ba shi takarda mai ɗauke da nauyi da danshi da dalilin mayarwa, a ɗaure wani ɓangare na samfurin a leda a ajiye, don idan bai gamsu ba a sake aunawa da wata na'urar. Kuma ma'aunin da aka yi wa talakan mamba shi za a yi wa shugaban ƙungiya.

Kai kuma manomi, kafin ka ɗinke buhu bana, ka gwada kwalba da gishiri. Idan kuma an mayar maka da kaya saboda fumfuna, kada ka ce asara ta tsaya a gida ka kai su wurin niƙa. Abin da masana'anta ta ƙi ba kaji bai kamata ya shiga tukunyar 'ya'yanka ba.